Laci da filif-filof: dalilin da ya sa fitilu takwas suka kama lokaci guda

"Assalamu alaikum Injiniya. Ina aikin furojet na makaranta: fitilu takwas, ina so hasken ya riƙa matsawa ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da na danna maɓalli. Zanen ya ce 74HC574, amma a shago babu shi, sai mai shagon ya ba ni 74HC573 ya ce ƙafafunsu iri ɗaya ne. Na haɗa Q na kowane ɗaki da D na mai bi masa, amma ina dannawa sai duk takwas ɗin su kama tare. A Verilog ma Vivado na yawan rubuto mini `inferring latch`, alhali gwajin kwamfuta na tafiya lafiya. Mene ne ainihin bambancin laci da filif-filof, kuma me ya sa ake gudun laci haka?"

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Mai shagon bai yi maka ƙarya ba game da ƙafafu. Duka biyun ƙafa ashirin ne: ta 1 ita ce OE, ta 2 zuwa ta 9 su ne D, ta 10 ƙasa, ta 12 zuwa ta 19 su ne Q, ta 20 kuma wuta. Kana iya zare ɗaya daga soket ka cusa ɗayan ba tare da ka taɓa waya ko ɗaya ba. Duk bambancin yana kan ƙafa ta 11. A 573 sunanta LE, a 574 kuma CP ko CLK, gwargwadon kamfanin da ya buga takardar bayanin aisin.

A 573, muddin ƙafa ta 11 tana sama, duk abin da ke kan D yana wucewa kai tsaye zuwa Q. D ya hau, Q ya hau. D ya sauka, Q ya sauka. Ba ya ajiye komai a wannan lokacin, waya ce kawai mai ɗan jinkiri. Sai ƙafa ta 11 ta sauko ƙasa sannan ya rufe, ya riƙe abin da ya gani na ƙarshe. Wannan shi ne laci: matsayin siginar yake kallo, sama take ko ƙasa, kuma yana buɗe tsawon duk lokacin da take sama. Shi kuwa 574 bai damu da ko agogo, wato siginar da ke kan ƙafarsa ta 11, yana sama ko yana ƙasa ba. Daidai lokacin da agogon ke tashi daga 0 zuwa 1 ne yake leƙa D, ya kwafa zuwa Q, shi ke nan. Ko ka bar agogon a sama har gobe kana kaɗa D yadda ka ga dama, Q ba zai motsa ba sai wani tashin ya zo. Wannan shi ne filif-filof.

Abin da ya faru a kan allonka

Mu bi bit ɗin da ƙafa. Ka sa 1 a D na farko, ka danna maɓalli, ƙafa ta 11 ta hau, duka ɗakuna takwas suka buɗe tare, domin waya ɗaya ke buɗe su. A wuta ta bolt 5, sigina na ɗaukar kimanin nanosakan 15 daga D zuwa Q a cikin 74HC573. To bayan nanosakan 15, Q na farko ya zama 1. Shi kuma a haɗe yake da D na biyu, wanda har yanzu a buɗe yake, don haka bayan wasu 15 ɗin Q na biyu ma ya zama 1. Haka zai yi ta zarcewa, cikin kimanin nanosakan 120 ya isa fitila ta takwas. Yatsanka kuwa, ko da saurin gaske ka danna ka saki, ya yi wajen kashi ɗaya cikin goma na sakan a kan maɓallin, wato nanosakan miliyan ɗari. Bit ɗin ya gama tafiyarsa tun kafin ƙwaƙwalwarka ta san ka danna.

Da 574 ne, labarin ya sha bamban. Agogo na tashi, duka takwas ɗin suna leƙa D ɗinsu a lokaci guda. Ɗaki na biyu yana ganin tsohon abin da ke Q na farko, wato 0, saboda sabon 1 ɗin bai fito ba tukuna, yana buƙatar nasa nanosakan goma sha wani abu. Kafin ya fito, tashin agogo ya riga ya wuce, babu mai sauraro. Sai ya zauna a bakin D na biyu yana jiran bugu na gaba. Taki ɗaya a kowane bugu, ba ƙari.

Akwai gwaji ɗaya da nake son kowane ɗalibi ya yi da hannunsa, domin ya fi wannan nuna illar. Ka ɗauki ɗaki ɗaya, ka fitar da Q ya bi ta get ɗin NOT guda na 74HC04, ka dawo da shi D na wannan ɗakin. Da 574, kowane bugu Q zai juya, 0 ya koma 1, 1 ya koma 0, ka sami abin da ke raba saurin agogo biyu. Da 573, kana ɗaga LE sai zagayen ya zama a buɗe gaba ɗaya: Q ya zama 1, NOT ya mai da shi 0, ya dawo ya mai da Q 0, NOT ya mai da shi 1, babu tsayawa. Zagaye ɗaya bai wuce nanosakan ashirin da 'yan kai ba, don haka abin yana karkarwa sau miliyoyi a sakan. A ido za ka ga fitilar ta yi dishi-dishi, ba ta kama sosai ba, ba ta mutu ba. Kana sakin maɓallin sai ta tsaya a inda rufewar ta riske ta, wani lokaci a kunne, wani lokaci a kashe, kamar caca. Duk wata da'ira da abin da ta fitar yake dawowa cikinta, irin su mai ƙirga da mai tara jimla da na'ura mai bin matakai, wannan zagayen ne a cikinta. Shi ya sa maganar ba ƙarama ba ce.

Abin da ke cikin filif-filof

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, yawancin filif-filof na zamani laci biyu ne a jere, ana buɗe su a saɓanin juna. Na gaba, wato wanda ke bakin D, yana buɗe lokacin da agogo ke ƙasa, na baya yana buɗe lokacin da agogo ke sama. Ka ɗauke shi kamar zaure mai ƙofa biyu da ba a taɓa barinsu a buɗe tare: baƙo ya shigo ta ƙofar waje ya zauna, sai an rufe ta sannan a buɗe ta ciki ya wuce, wanda ya zo bayan haka kuma ya jira a waje. Lokacin da agogo ke ƙasa, na gaba yana bin D, na baya yana riƙe da tsohon labari. Agogo na tashi, na gaba ya rufe a kan abin da ya gani, na baya ya buɗe ya miƙa shi ga Q. Agogo na sauka, na baya ya rufe a kan abin da ya riga ya fitar, na gaba ya sake buɗewa. Babu lokacin da hanya ke buɗe daga D har Q. Daga waje sai ka ga kamar a tashin agogo kaɗai yake aiki. Akwai wasu ƙirar, kamar tsohon 7474 da aka gina da get shida, amma halinsu daga waje ɗaya ne.

Idan kana da 573 guda biyu za ka iya gina wannan da kanka: na farko ka ba shi agogon da ya bi ta NOT, na biyu ka ba shi agogon kai tsaye. Zai yi aiki a mafi yawan lokuta, amma ka lura da inda igiyar take da siriri. Lokacin tashin agogo, na biyu yana buɗewa nan take, na farko kuwa sai bayan nanosakan bakwai ko takwas da NOT ɗin ya ci sannan ya rufe. A ɗan wannan tsakanin duka biyun a buɗe suke. Abin da ya cece ka kawai shi ne sabon bit yana buƙatar wajen nanosakan 15 kafin ya fito daga ɗakin baya ya iso. Tsere ne, ka ci da ƙyar. A cikin 574 masu ƙira sun riga sun yi wannan tseren a kan silikon, inda tazarar ba ta kai tsinin allura ba, suka tabbatar kullum rufewa ke riga buɗewa.

Lissafin lokaci, inda gaskiyar maganar take

Tsari mai bin agogo ɗaya ya tsaya ne a kan alkawari guda: tsakanin bugu da bugu, sigina ta tashi daga wani ma'aji, ta bi ta cikin get-get, ta isa ma'aji na gaba, ta nutsu, sannan bugu ya zo. Duk shirmen da ta yi a hanya ba a ƙirga shi. Lambobi uku ake buƙata. Na farko `t_cq`, jinkirin da ke tsakanin tashin agogo da fitowar Q. Na biyu `t_su`, lokacin shiri, wato tsawon da D zai zauna lafiya kafin tashin. Na uku `t_h`, lokacin riƙo, tsawon da zai ci gaba da zama bayan tashin. Dokokin biyu ne, inda `T` yake tsawon zagayen agogo, `t_max` jinkirin hanya mafi tsawo, `t_min` kuma na mafi gajarta:

```
T >= t_cq + t_max + t_su
t_cq + t_min >= t_h
```

Mu sa lambobi na misali. Agogo mai megahaz 50 yana da zagaye na nanosakan 20. A ce `t_cq` ɗaya ne, `t_su` rabi, `t_h` kuma 0.2. Dokar farko ta ce hanya mafi tsawo a cikin get-get kada ta wuce 18.5. Doka ta biyu ta ce hanya mafi gajarta, haɗe da jinkirin fitowa, ta kai 0.2. Ai tun da `t_cq` kaɗai ya kai ɗaya, ko waya zalla ka sa tsakanin filif-filof biyu ka cika wannan. Don haka mai ƙira da filif-filof abu ɗaya yake fama da shi a kullum, wato kada hanya ta yi tsawo. Idan ma ta yi, magani na nan a hannu: a rage saurin agogo.

Yanzu mu cire filif-filof mu sa laci a gurbinsu, duka a kan agogo ɗaya da ke sama na nanosakan 10, ƙasa na 10. Laci na baya ya buɗe a sifili, ya saki sabon bit. Na gaba shi ma ya buɗe a sifili, ba zai rufe ba sai a 10. Idan sabon bit ya iso kafin ya rufe, ya haɗiye shi, an yi tsallaken taki. Doka ta biyu ta koma haka, inda `t_w` yake tsawon buɗewar:

```
t_cq + t_min >= t_w + t_h
```

Wato kowace hanya a cikin da'irar, har wadda ba ta da aikin komai, dole ta ɗauki sama da nanosakan 9.2. Ga shi kuma ta sama tana nan, kada ta yi tsawo. An matse ka ta gefe biyu. Jinkirin get kuwa ba tsayayye ba ne: yana ƙaruwa da zafi, yana raguwa idan wuta ta ɗan hau, kuma aisi biyu masu lamba ɗaya ba sa gudu daidai da juna. Takardun bayani sun fi ba ka iyakar jinkiri ta sama, ta ƙasa kuwa sau da yawa ba sa ma rubuta ta. Mafi muni, maganin nan na rage saurin agogo a nan guba ne. Ka mai da shi megahaz 5, buɗewar ta zama nanosakan 100, kowace hanya sai ta haura nanosakan 99.2. Maɓallinka shi ne ƙarshen wannan layin, agogo mafi jinkiri da buɗewa mafi faɗi.

Wannan ya ba ka hanyar gane ciwo a kan benci. Idan da'ira na yin kuskure, ka rage saurin agogo ta warke, matsalar lokacin shiri ce, wata hanya ta yi tsawo. Idan ka rage kuskuren bai tafi ba, ko ya ƙaru, ka nemi tsere: ko dai laci ne a inda ba a so, ko kuma agogo ba ya isa ko'ina lokaci guda. Na biyun yana kama filif-filof ma, kada ka ɗauka sun fi ƙarfinsa. A misalinmu, in agogon na gaba ya makara da nanosakan ɗaya da rabi saboda an bi da shi ta wani get, sabon bit da ya fito cikin ɗaya da ɗan abu zai riga tashin isowa, a kwafe shi a bugun da ba nasa ba. Dalilin ke nan da ake hana saka get a kan layin agogo.

Saƙon da Vivado ke rubuto maka

Dubi waɗannan guda biyu:

```verilog
always @(*)
  if (en) q = d;

always @(posedge clk)
  if (en) q <= d;
```

Duka biyun `if` ne babu `else`. Na ƙasa ba shi da laifi ko kaɗan, filif-filof ne da ke karɓa idan `en` na sama lokacin tashin agogo, in ba haka ba ya riƙe abinsa, kuma riƙewa ai aikinsa ne. Na sama kuwa babu agogo a cikinsa. Ka ce idan `en` na sama `q` ya bi `d`, amma ba ka faɗi abin da zai faru idan `en` na ƙasa ba. Dokar Verilog ita ce abin da ba a ba shi sabuwar ƙima ba yana riƙe da tsohuwa. Get zalla ba ya iya tuna komai, don haka manhajar ta gina maka abin da zai tuna, wato laci, `en` ya zama ƙafarsa ta 11. Haka ma `case` da bai cika dukan yanayi ba kuma babu `default`, ko sigina da ka ba ƙima a reshe ɗaya ka manta da ita a ɗayan. Quartus da Yosys su ma suna bayar da irin wannan gargaɗin da kalmominsu.

Me ya sa gwajin kwamfuta bai nuna komai ba? Ka ɗauki wannan: `if (sel == 2'b11) y = a;` a cikin `always @(*)`. A ce `sel` na tashi daga 01 zuwa 10. A kwamfuta bit biyun suna canzawa a lokaci ɗaya cif, 11 bai taɓa bayyana ba, `y` bai motsa ba. A kan aisi na gaskiya kowane bit da tasa wayar. Idan na hagu ya riga hawa kafin na dama ya sauka, na ɗan ƙanƙanin lokaci `sel` ya zama 11. Lacin ya buɗe, ya kwashi duk abin da ke kan `a`, ya rufe, ya riƙe shi daram. Da filif-filof ne ke ƙarshen wannan hanyar, da ƙyaftawar ta zo ta wuce a tsakiyar zagaye ba wanda ya gan ta. Laci kuwa kunnensa a buɗe yake a kowane lokaci.

Irin wannan ciwon ba ya zuwa a tsari. Ka ƙara layi ɗaya a wani fayil da ba ruwansa, ka sake ginawa, manhajar ta canza shimfiɗar wayoyi, kuskuren ya ɓace. Gobe ya dawo. Allo ɗaya na yi, ɗan'uwansa ba ya yi. Akwai wata na'urar auna ruwa da aka taɓa kawo mini wadda ke aiki lafiya da safe, rana na take ta fara bayar da lambobin banza. Masu ita sun canza batir, sun canza waya, sun zargi na'urar gano ruwan. Da muka buɗe rahoton ginin, ga gargaɗin laci nan kwance a kan sigina ɗaya da aka manta a wani reshen `case`, a cikin ɗaruruwan layukan da ba wanda ya karanta.

Sannan ga matsalar manhajar duba lokaci. Ita tana bin kowace hanya daga ma'aji zuwa ma'aji ta auna ta da agogon da ka bayyana mata. Lacin da ya shigo bisa kuskure, siginar da ke buɗe shi ba agogon da ka bayyana ba ce, don haka sau da yawa hanyoyin da suka shiga cikinsa ba a auna su sam. Rahoto ya ce komai lafiya, alhali akwai ɓangaren da ba a duba ba. A wasu iyalan FPGA ma, wato aisin da ake loda wa da'irar da aka rubuta da Verilog, babu laci na asali a ciki, sai a ƙaga shi da get ɗin da fitarsa ke komawa cikinsa, abin da ya fi wuyar aunawa.

Gyaran ba wuya. A saman kowane `always @(*)` ka ba duk siginar da kake rubutawa ƙimar farko, sannan `if` da `case` su biyo baya su canza ta inda ya kamata:

```verilog
always @(*) begin
  y = 1'b0;
  if (sel == 2'b11) y = a;
end
```

Amma kafin ka yi haka ka tambayi kanka: shin da gaske ina so `y` ya tuna? Idan amsar e ce, sifili ba gyara ba ne, ka ɗauke shi ka kai cikin `always @(posedge clk)`. Idan manhajarka na karɓar SystemVerilog, ka koma `always_comb` da `always_ff`, domin da su ka bayyana niyyarka, kuma manhajar za ta yi maka magana idan abin da ka rubuta ya saɓa mata. Ni a wurina gargaɗin laci daidai yake da kuskure, ba na loda komai a allo sai ya tafi.

Inda laci ya fi dacewa

Kada wannan ya sa ka ɗauka 573 kayan banza ne. An yi shi don wani aiki, kuma a wannan aikin 574 ba zai maye gurbinsa ba. In ka karanta 8085 ko 8051 a aji ka san ƙafafu takwas ɗin nan, AD0 zuwa AD7, da ke ɗaukar rabin adireshi da farko, sannan su koma ɗaukar bayanai. Ana buƙatar wanda zai riƙe adireshin bayan sun canza aiki, sai aka ba da siginar ALE, ake haɗa ta da ƙafa ta 11 ta 373 ko 573. ALE na hawa, adireshi ya fito a kan ƙafafun yayin da take sama, ya zarce ta cikin lacin nan take ya isa ma'ajiyar bayanai, ta fara nemo abin da ake so tun kafin ALE ta sauka. Tana sauka lacin ya rufe. Ka sa 574 a nan, zai kwafa a tashin ALE, lokacin da adireshin bai tabbata ba, ya riƙe shara. Ka juya ALE da NOT don ya kwafa a saukarta, zai yi aiki, amma ka yi asarar duk lokacin da adireshin zai yi yana wucewa tun da wuri. A nan babu zagaye, babu laci na biyu a gaba mai buɗewa tare da shi, don haka buɗewar tasa riba ce zalla.

Masu ƙera manyan aisi ma suna amfani da laci da gangan. Yana cin kusan rabin taransistocin filif-filof, tun da shi ɗin laci biyu ne. Sannan yana ba da abin da ake kira aron lokaci. A ce an jera laci masu buɗewa bi da bi, kowane rabin zagaye nanosakan 10, aikin farko na cin 13, na biyu na cin 6. Siginar ta makara da uku, amma ta tarar da laci na gaba har yanzu a buɗe, ta zarce, aiki na biyu ya gama a 19, cikin 20 ɗin da ake da su, idan muka ajiye jinkirin lacin kansa gefe. Filif-filof ba ya yafe haka, wanda ya makara ya makara. Sharaɗin shi ne laci biyu masu bin juna kada su taɓa buɗewa tare, shi ya sa tsofaffin na'urori irin su 8080 na 1974 da 6502 na 1975 suke aiki da agogo mai fuska biyu da ke barin ɗan gibi a tsakani. IBM ma ta gina tsarinta na gwajin aisi mai suna LSSD, wanda aka bayyana a 1977, a kan laci masu bin doka mai tsauri. Har yau, da'irar da ke kashe agogon wani sashe don rage cin wuta laci ne da get ɗin AND: lacin na buɗe lokacin da agogo ke ƙasa, ya riƙe siginar izini lokacin da yake sama, don kada a yanke bugu a tsakiya.

Sai dai waɗannan duka aikin masu iko ne da kowace waya a kan silikon, da manhajojin da aka saita don auna laci. Shawarar da nake ba ka ta allon gwaji ce da FPGA, inda ba kai ke shimfiɗa wayoyin ciki ba. A FPGA ko kashe agogon ma ba ka yi da get na kanka, ka yi amfani da `en` irin na misali na biyu a sama.

Yadda za ka gane wanne ke hannunka, da abin da za ka yi

Kada ka dogara da suna. Tsofaffin littattafai da yawa suna kiran get biyu masu riƙe juna filif-filof, alhali a ma'anar yau laci ne. Ta ɗaya gefen kuma, ƙafar 74HC595 da kowa ke kira ƙafar laci, wato RCLK ko STCP, a tashin sigina take aiki. Ka buɗe takardar bayani ka dubi jadawalin aiki. In ka ga H a ƙarƙashin ƙafar sarrafawa kuma Q na bin D, laci ne. In ka ga kibiya mai kallon sama, filif-filof ne. A zane kuma, ɗan alwatika a bakin shigar agogo alamar filif-filof ce. In babu takarda, ka ɗaure ƙafa ta 11 da bolt 5, ka riƙa taɓa D da sama da ƙasa. Fitila ta bi hannunka, 573 ne. Ta yi biris da kai, 574 ne.

Ga furojet ɗinka, ka nemi 74HC574 ɗin, ko 74HC164 da aka riga aka jera ɗakunansa takwas a ciki, sai dai shi ƙafafunsa daban ne, za ka sake haɗi. Ka shirya wa matsala ta gaba tun yanzu, domin tana nan tafe: ƙarfen cikin maɓalli ba ya haɗuwa sau ɗaya, yana tsalle-tsalle na 'yan milisakan kafin ya zauna. 574 zai ƙirga kowane tsalle a matsayin bugu, ka danna sau ɗaya hasken ya matsa uku ko biyar. Ka sa rizisto mai kilo 10 da kafasito mai nanofarad 100 zuwa maikurofarad ɗaya a kan maɓallin, siginar ta bi ta 74HC14 kafin ta isa ƙafa ta 11, domin tashin ya zama guda ɗaya mai kaifi. Ƙafa ta 1 ka kai ta ƙasa, in ba haka ba Q ba zai fito ba. Ka manna wani kafasito mai nanofarad 100 tsakanin ƙafa ta 20 da ta 10, kusa da aisin sosai. D na farko kuma kada ka bar shi yana reto: ka ja shi ƙasa da rizisto, ka sa maɓalli na biyu da zai ɗaga shi sama a bugun farko kaɗai, in kana son fitila guda ce ta riƙa tafiya.